Gyara a Ƙasan Rahoton Jini

Ta bango mai shara ta jiyo shugaban ɗakin gwaji yana yi wa ƙanwarta, mai awon jini, faɗa.

"Yage shi ki rubuta sabo! Ko ba kya son ƙarin girman?"

Jiya ƙanwar ta miƙa wa likita rahoto da kuskuren rukunin jini, yau ta gano da kanta. Mai shara ta san sa hannunsa da ke takardar ne ya dame shi.

Ƙanwar ta bar tsohon rubutun, ta ƙara sakamakon gaskiya a ƙasa, da dalili, da kwanan wata. Ta sa hannu, ta kira likita.

A bakin ƙofa ta tarar da yayarta rungume da tsintsiya, baki har kunne.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, ƙarin girma sai baɗi. Amma likita ya san abin da ya karanta jiya kuskure ne."