Sabitu Likitan Turare da Kwalbar Makka

Duk wanda ya bi layinmu na Ƙofar Dumi zai ga wani tebur a barandar gidan Alhaji Yero, an jera ƙananan kwalabe a kansa, kowace da farar takarda a jikinta kamar maganin asibiti. Mai teburin shi ne Sabitu. Na san shi tun ana goyon sa, don haka abin da zan rubuta ba jita-jita ba ne.

Shekara goma sha huɗu Sabitu ya yi yana aiki a kemis ɗin Madam Cecilia, wata tsohuwar nas mutumiyar Tafawa Ɓalewa. A wurinta ya koyi abubuwa biyu da suka zame masa jiki: kada ya ba da komai da ka, sai da awo, kuma kada kwalba ta bar hannunsa ba rubutu a jikinta. Da ta rage harka saboda ciwon gwiwa, sai ta sallame shi da ɗan jari. Ya hau mota ya tafi Kano, ya dawo da man turare kala shida a cikin gorunan alminiyam, da buhun ƙananan kwalabe, da sirinji shida, domin kowane mai da nasa sirinjin, kada ƙamshin wani ya shiga wani.

Wurin zama ne ya rasa. Alhaji Yero ƙanin mahaifinsa ne, kuma barandarsa ce kaɗai mai inuwa har la'asar a layin nan, ga shi turare ba ya shiri da rana. Baffan ya yarda, amma da sharaɗi.

"Zan ba ka zuwa Babbar Salla," in ji shi. "In na ji an ce ana sayar da algus a ƙofar gidana, ranar za ka kwashe. Ɗanlarai mai cajin waya ya daɗe yana roƙo na wurin nan."

Sabitu ya kafa tebur, ya rataya kwali, ya rubuta farashi a kai: kuɗin mil ɗaya kaza, kuɗin kwalba kaza. Mai babbar riga da mai kwasar bola, farashinsu ɗaya. Wannan ya ɓata wa mutane da yawa rai, domin a garin nan akwai waɗanda ba turaren suke zuwa saye ba, cinikin suke zuwa yi. A jikin kowace kwalba kuma yakan rubuta lambar haɗin, da yawan mil, da ranar da ya haɗa. In ya sirka da man nan marar ƙamshi da ake sassauta turare da shi, sai ya rubuta ko kashi nawa ya sa. In na fesawa ne, sai ya rubuta cewa akwai alkohol a ciki, don mai ƙyamar sa ya sani. In kuma ƙamshin ya yi kama da wani sanannen turare na waje, sai ya rubuta da manyan baƙaƙe: KWAIKWAYO NE. Sabon haɗi kuwa ba ya sayar da shi sai ya yi mako biyu a cikin akwati, a duhu, ya kama kansa.

'Yan majalisar ƙofar gidan suka sa masa suna Likita. In sun zo saye sai su ce, "Likita, sau nawa za a sha a rana? Kafin abinci ko bayan abinci?"

Alhaji Yero yana da wata kwalba da ya sayo a Makka, ta gilashi mai sassaƙa, murfinta ruwan zinari, da ɗan tsinken gilashi a ciki. Ranar Juma'a kaɗai ake buɗe ta, kuma duk layin ya san tarihinta, har da lambar ƙofar Harami da shagon yake kallo. Wata Laraba da hantsi, bayan Alhaji ya tafi gonarsa ta Gubi, matarsa Inna Fati ta leƙo zaure, ta yafito Sabitu. Ta kwance bakin mayafinta, sai ga kwalbar Makka, babu komai a cikinta sai ɗan danshi.

"Humrar bikin 'yarmu Aishatu na haɗa," in ji ta da raɗa. "Na ce ɗigo biyu zan ɗiba. Wallahi ban san hannuna ya yi nauyi ba. Ka rufa mini asiri, ɗana."

Sabitu ya shinshina tsinken. Ya ji udu, ya ji ambar, ya ji wardi kaɗan daga baya. Ya ce zai iya kusantar sa, amma yana da doka: ba ya zuba komai a kwalba ba takarda.

"Takarda? A kwalbar Alhaji? So kake a mayar da ni Ƙofar Wambai gidan ubana da tsufana?"

Sun daɗe suna ja. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa zai manna takardar, amma a ƙasan kwalbar, inda take zama. Ya yanka ta ƙarama kamar farcen babban yatsa, ya yi rubutun da bakin biro siriri. Juma'a biyu Inna Fati ta yi tana rantsuwa cewa ta adana kwalbar a wuri mai kyau har ta manta inda ta sa ta, kafin haɗin ya nuna. A ta uku kwalbar ta fito a cike. Alhaji ya yi mamakin yadda ba ta raguwa, ya ce albarkar wurin da aka sayo ta ce.

Haɗin ya yi kyau ƙwarai, har Sabitu ya ƙara yin irinsa sak, ya bar masa lambar na farkon, wato Lamba Huɗu, ya jera a tebur. Don ladabi, ya kai wa baffansa kwalba guda kyauta. Nan ne ya jawo wa kansa.

Alhaji ya shafa da safe, kafin ya gama shan kunu ya daina jin ƙamshin. Ya ƙara. Kafin azahar ya ƙara sau uku. A sallar la'asar mutum biyu da ke gefensa a sahu suka yi ta atishawa har liman ya sallame, amma shi bai ji komai ba. Kwana huɗu kwalbar ta ƙare. Ya fito da ita a hannu, a gaban majalisa.

"Likita! Ruwan famfo ka ba ni?"

"Baffa, hanci ne yake sabawa," in ji Sabitu a tsugune. "Wanda ya shafa yakan daina ji, na kusa da shi ne ke ji. Ka tambayi maƙwabtanka na sahu."

"Hancina ne ya lalace ke nan? To me ya sa na Makka ba ya yi mini haka? Ɗigo ɗaya, har Asabar ana tambaya ta. Ka rubuta babu sirki, alhali rabinsa sirki ne. Ƙarya a rubuce, a ƙofar gidana!"

Sabitu ya buɗe baki, ya hango mayafin Inna Fati yana motsi a bayan labulen zaure, ya rufe. Kalma ɗaya za ta tsare masa teburinsa, kuma ita ce za ta tona asirin tsohuwar da ta kira shi ɗanta.

Sai ɗaya daga cikin 'yan majalisa ya ce a yi adalci, a kira wanda ya san awo ya gwada biyun. Aka rasa wanda ba abokin Alhaji ba ne kuma ba mai sayen turaren Sabitu ba, sai Madam Cecilia. Alhaji da kansa ya amince, ya ce matar nan ko allura za ta yi maka sai ta gaya maka za ta yi zafi.

Washegari da la'asar ta sauka daga Keke Napep tana dogara sanda. Aka ba ta kujera. Ɗanlarai mai caji ma ya zo, har yana auna faɗin barandar da taku. Alhaji ya fito da kwalbar Makka a kan tafinsa, Sabitu ya ajiye Lamba Huɗu.

"Madam, ki fara da na gaske," in ji Alhaji, "don ki san abin da ake kira turare."

Ta karɓa. Shekara talatin matar nan tana karɓar kwalabe daga hannun dillalan magani, kuma ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba sai ta juya ta ta nemi kwanan wata. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ta kife kwalbar, ta gyara tabarau, ta matso da ita kusa da hanci, ta karanta da ƙarfi kamar yadda take karanta wa marasa lafiya:

"Haɗin Sabitu, Ƙofar Dumi, Bauchi. Lamba Huɗu. Mil goma sha biyu. Babu sirki. Kwaikwayon na Makka ne, ba shi ba ne." Ta ɗago. "Alhaji, ashe Makka ta matso kusa haka ba a gaya mana ba?"

Wani a cikin majalisa ya yi tarin da ba na mura ba. Alhaji ya karɓi kwalbar, ya kife ta, ya daɗe yana kallon ɗan rubutun. Daga bayan labule aka ji muryar Inna Fati.

"Alhaji, ni ce. Humrar Aishatu ce ta cinye shi. Yaron nan ya ƙi zubawa sai da takarda, har na ce masa mai taurin kai."

"Tun yaushe?"

"Juma'a bakwai ke nan."

Juma'a bakwai Alhaji yana miƙa wa manyan mutane wuyan hannunsa a ƙofar masallaci su shinshina. Na ga lissafin yana wucewa a fuskarsa. Amma Alhaji Yero ba mutumin da ake kaiwa ƙasa ba ne. Ya gyara hula, ya dubi majalisa ɗaya bayan ɗaya.

"To, kun gani? Mako bakwai kuna cewa ma sha Allah, babu wanda hancinsa ya gane a cikinku. Ɗan wana ne ya haɗa. Jininmu ne." Ya juya ga Ɗanlarai. "Kai kuma me kake aunawa a barandar mutane?"

Ɗanlarai ya ce shi wucewa yake yi.

"Baffa," in ji Sabitu, "in ka yarda, zan mayar da takardar gaban kwalbar. Tun ranar da na manna ta a ƙasa raina bai kwanta ba."

"Ka bar ta inda take," in ji Alhaji da sauri. "Wanda yake son gaskiya ya kife."

Babbar Salla ta zo ta wuce, tebur yana nan, yau shekara shida. Lamba Huɗu ce ta fi kowane haɗi tafiya, sai dai ba mai kiran ta da lambarta. In mutum ya zo sai ya ce a ba shi na Makkan Alhaji, Sabitu kuma sai ya nuna masa takardar da yatsa kafin ya karɓi kuɗi. Baffan yakan aiko da kwalbarsa a cika duk bayan wata huɗu, a farashin da ke jikin kwali, domin ya nemi ragi sau ɗaya bai samu ba. Abu guda ya canza: in ya fito da ita ranar Juma'a zai shafa wa baƙo, ba ya sakin ta, kuma ɗan yatsansa yana tokare da ƙasanta.