Zura, Ba Saka Ba

Yara suna kiransa Malam Tsaya-Tukuna, saboda ba a taɓa miƙa hannu ga wani abu a ɗakin gwaji bai faɗi haka ba. Shi kuwa ya san sunan sarai, yana dai yi kamar bai ji ba. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ya tsufa a cikin wannan ɗaki mai dogayen tebura da famfo guda wanda ba ya daina ɗiga. Mutum ne marar yawan magana, kuma gaskiya ba gwanin allo ba ne. Idan ya tsaya yana bayani sai ka ga yara suna hamma. Amma bari ya ɗauki kwalbar awo, wannan doguwar ta gilashi mai zane-zanen lambobi a jiki, nan take aji zai yi tsit. Da hannu yake koyarwa, duk wanda ya wuce ta ajinsa ya shaida haka.

To, hannun ne ya fara rawa. Da farko sai in ya gaji, daga baya har shayi ba ya kaiwa baki sai ya tallafa da ɗayan. Likita ya ba shi magani, ya gaya masa gaskiya cewa abin zai lafa amma ba zai tafi ba.

Shugabar makarantar tsohuwar ɗalibarsa ce, shi ya sa maganar ta yi mata nauyi. Ta kira shi ofis, ta tashi da kanta ta jawo masa kujera, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iso wurin.

"Malam, iyaye sun fara magana. Gilashi ne a ɗakin nan, ga yara. Ni da za ka yarda, da ka koma aji kawai, sabon malami ya karɓi ɗakin gwaji."

"Ki ce in koma allo," in ji shi.

"Ba haka nake nufi ba, Malam."

"Haka ne mana. Ki ba ni gwajin mako mai zuwa. Zan rubuta musu takardar aiki, komai da komai, har da gargaɗi. Su za su yi da hannunsu, ni ba zan taɓa ko tsinke ba. Ki zo ki zauna ki gani. In an fasa wani abu ko wani ya ji ciwo, ba sai kin sake kirana ba."

Ta yarda, don ba ta iya ce masa a'a ido da ido.

Gwajin na densiti ne, wato nauyin abu gwargwadon girmansa. Shi Malam cunkoso yake ce masa: nawa aka cusa a cikin wuri kaza. Aikin ba wuya a baki. A ɗora dutse a sikeli a rubuta giram nawa ne. A zuba ruwa a kwalbar awo a karanta inda ya tsaya. Dutse ya shiga, ruwa ya hau, a sake karantawa. Bambancin nan shi ne girman dutsen. Sai a raba nauyi da girma, an gama. Sau nawa ya yi wannan a gaban yara, Allah kaɗai ya sani. Amma rubuta shi yadda yaro zai bi ba tare da an nuna masa ba, nan Malam ya gane ashe rabin abin da ya sani bai taɓa faɗinsa da baki ba.

Ya zauna a falo da yamma, takarda a kan ƙaramin tebur, biro yana tsalle a hannunsa. Ya ja layuka na wurin rubuta sakamako, gida uku don a maimaita awo sau uku a ɗauki matsakaici. Umarnin ya rubuta da harshen da ake karatu da shi, sannan a ƙarƙashin kowane layi ya sa Hausa, don ya san yaro in ya rikice da harshen gida yake tunani. Da ya gama sai ya kira maiɗakinsa, wadda ke ninke kaya a gefe.

"Zo ki zama ɗaliba."

"Ni? Da tsufana? Malam, ka dai rasa wanda za ka ba sifili."

Ta zo dai tana dariya. Ya ba ta kofin gilashi mai tsawo, da ruwa, da dutse ɗaure da zare, ya ce ta bi abin da ke rubuce kawai, kada ta dube shi. Ta karanta a fili: "Saka dutsen a cikin ruwa." Ta saki dutse, ƙwal! Ya bugi gindin kofin, ruwa ya fantsama har kan takardar.

"Haba! Wa ya ce ki jefa?"

"Ka ce in saka, na saka. In gishiri ne a miya ma haka nake saka shi."

Ya sake duba takardar. Gaskiyarta. Gindin kwalbar awo ba ya ɗaukar irin wannan bugu, kuma ruwan da ya fantsama waje ya riga ya ɓata lissafi. Ya ƙara "a hankali". Ta sake gwadawa, ta kai dutsen bakin kofi a hankali ƙwarai, sannan ta sake shi. Ƙwal kuma. Ransa ya ɓaci, ba da ita ba, da kansa. Ya ɗaga hannu zai nuna mata, hannun ya kama kaɗawa a iska, ya mayar da shi cinya.

Ita ta lura, amma ba ta nuna ba. Ta riƙe bakin zaren, ta bar shi yana sulalewa tsakanin yatsunta har dutsen ya zauna ba ƙara.

"Haka kake so? To ai wannan ba sakawa ba ce, Malam. Zurawa ce, kamar guga a rijiya."

Ya soke "saka" ya rubuta "zura". Ya ƙara da cewa kada a saki zare sai dutse ya taɓa ƙasa kuma ruwa ya rufe shi duka.

Daga nan ya bi takardar layi-layi da wannan ido. Ya mayar da awon sikeli farko, ya ja masa layi, domin jiƙaƙƙen dutse ya fi busasshe nauyi kuma yara sun fi son su fara da wasan ruwa. Ya cire kalmar "kauri" da ya sa a wani wuri, don mai ya fi ruwa kauri amma a sama yake tsayawa, kuma duk shekara sai wannan ya ruɗa rabin aji. Ya rubuta cewa ruwa yana lanƙwasa a cikin kwalba, a karanta ƙasan lanƙwasar, kwalba tana zaune a tebur, mutum ne zai durƙusa idonsa ya zo daidai da ita. Ba a ɗaga kwalba sama.

Gargaɗin kuwa da ya sa a ƙarshen shafi, ya dawo da shi sama cikin akwati, tunda babu yaron da ke karanta ƙarshen takarda kafin ya fara. Kada a ɗanɗana komai. Kwalba ta zauna nesa da bakin tebur. Ruwa in ya zube a goge nan take. Kada jiƙaƙƙen hannu ya taɓa sikelin lantarki. In gilashi ya fashe kowa ya ja baya, kada a ɗauka da hannu, da buroshi da abin kwasa ake kwashewa. Wata jikarsa ta buga masa a kwamfuta, aka fitar da shafi ɗaya tsaf.

Ranar gwaji shugaba ta zauna a baya, sabon malami yana tsaye kusa da ƙofa kamar wanda ya zo gaisuwa. Malam ya raba takardu, ya koma gefen allo ya haɗa hannuwansa a baya, ɗaya yana riƙe da ɗaya. Yara suka duƙufa. Kai, abin gwanin ban sha'awa! Ko'ina sai ka ga kawuna sun sunkuya daidai da tebur, zare yana sulalewa, ba ƙarar gilashi ko ɗaya. Wani ya ɗigar da ruwa, kafin a ce wani abu abokinsa ya miƙa masa tsumma. Babu wanda ya kira Malam. Ya ji daɗi, kuma ya ji wani irin kaɗaici da bai taɓa ji a ɗakin nan ba.

Can wata yarinya a teburin tsakiya ta ɗaga hannu.

"Malam, dutsenmu giram talatin da ɗaya ne. Ruwa ya tashi daga hamsin, ni na ga sittin da biyu, abokiyar aikina ta ce sittin da uku. Wanne ne?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma shi aka yi wa. Ya taho da sauri. Durƙuso ya daɗe da yi masa wuya saboda gwiwa, ga idon shugaba a kansa, bai so a ga yana dafa tebur kafin ya miƙe. Sai kawai ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta zuwa fuskarsa. Bai ma yi tunani ba. Hannun ya girgiza, dutsen ya bugi gilashi daga ciki, kwalbar ta zame ta faɗi ƙasa, tas!

Ba wanda ya yi ihu. Yaran teburin suka ja baya gaba ɗaya. Malam ya sunkuya zai tsince gutsuren, kunya ta rufe masa ido.

"Malam, kada ka taɓa da hannu," in ji yarinyar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ga buroshi nan ana kawowa."

Ya tsaya a haka, a sunkuye, sannan ya miƙe ya ja baya kamar sauran. Wani ya share, wata ta goge ruwan. Aka kawo musu wata kwalbar, suka busar da dutsen suka sake daga farko. Sittin da biyu ne. Suka raba talatin da ɗaya da sha biyu, suka samu biyu da ɗigo shida in an cike, daidai da abin da ake tsammani ga irin wannan dutse.

Da aka tashi, shugaba ta iso gare shi idonta ya yi ja.

"Malam, ni ban ga komai ba. Ba yaro ba ne ya fasa."

"Ni na gani," ya ce. "Kuma ban ce in yaro ya fasa ba."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin ɗakin. Yana ta kaɗawa a hannunsa, har ƙararsa ta cika wurin. Ya kira sabon malami, wanda ya taho kansa a ƙasa ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Takardar tana kan tebur," in ji Malam. "Ka ƙara layi ɗaya a akwatin sama kafin ka sake bugawa. Ka rubuta: har da malami."