Amsa ta goma sha huɗu

Yayana shekara talatin yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in ka miƙe tsaye da sauri sai ka ƙume kanka. Teloli Dakta suke ce masa. Idan aka sauke masa keke ba ya fara buɗewa, sai ya juya hannun a hankali ya kara kunne, ya ce, “Wannan datti ne kawai ya cika shi.” Kuma haka ɗin ne. Ni teburina na zare da maɓallai yana bakin ƙofarsa. Na haura arba'in, da jika ma, amma har gobe Auta yake kirana.

Ni na jawo mana, ba zan ɓoye ba. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, na ɗauke shi bidiyo yana saka allura na ɗora a intanet. Mutum ɗari biyu suka kalla. Cikin masu kwament har da wata mai suna Maman 'Yan Biyu. Ta rubuta cewa allurarta ta daki zif ta karye, tun daga nan kekenta ke tsallake ɗinki. Makaranta ta ba ta kayan ɗalibai saiti arba'in, sati uku ya rage a koma, kuma shi ne babban aikin da ta taɓa samu. A inda take mai gyara ɗaya ne, ta kai masa, ya ɗiga mai ya ce ta tafi.

Na nuna wa Yaya cewa ana iya amsa kwament da bidiyo: ka danna, sai maganar mutum ta fito a manne a jikin bidiyonka, shi kuma a sanar da shi. Abin ya burge shi. Ya gyara hula, ya nuna mata yadda za ta sa sabuwar allura ta tura ta har ƙarshe, da ɓangaren da ya kamata ta fuskanta. Na rubuta “Amsa ta 1”. Washegari ta dawo ta ce ta yi, yana nan yana tsallakewa. Amsa ta 2, ya bi da ita hanyar zare tun daga sama har kwarkwaron da ke riƙe zaren ƙasa. Ta sake dawowa: “Baba, a yadi mai laushi da sauƙi, amma da na ninka kakin wando sai ya ƙi kamawa.”

Ina karanta masa ya tafa hannu. “Na gano! Ƙarfen da ke riƙe allurar ne ya goce sama lokacin da ta daki zif. Sukuru ɗaya za ta sassauta ta sauko da shi kaɗan. Gobe mu yi mata.”

Na ce to in rubuta mata mana yanzu. Ya ce a'a, sai an gani da ido, sukurun suna da yawa a wurin, in ta kwance wanda ba shi ba ta ƙara lalata abin. Gaskiyarsa ce, shi ya sa na haƙura.

Kafin goben nan wani ya faɗo mana. Sunansa Gwani Na Asali, hotonsa kan zaki. Ya rubuta a ƙarƙashin Amsa ta 2: “Wannan tsohon bai san komai ba, ba haka ake zura zare ba.” Wallahi da na sani da na goge. Yaya ya sa na maimaita masa sau uku.

“Ni? Auta, kunna wayar nan.”

Amsa ta 3 ta tafi ga Gwani. Yaya ya ɗaure idonsa da ƙyalle ya zura zare, ya yi ɗinki santal, ya ɗaga wa kyamara ya ce, “Gaishe ka, ɗan zaki.” Kafin kwana biyu mutum dubu ɗari da tamanin sun kalla. Ni ma kaina ya fasu, har maƙwabta nake bi ina nunawa.

Daga nan fa aka shiga. Gwani ya ce keken ne mai sauƙi, a gwada na lantarki: Amsa ta 4. Wani ya ce in ya isa ya wargaza keke ya haɗa cikin minti biyar: ta 5, ta 6 kuma don an ce mun yanke bidiyon. Waɗanda suka tsinci ta 7 a hanya ba su ga na farko ba, sai su yi ta tambayar abin da aka riga aka amsa. Kullum da safe kafin ya buɗe akwatin kayan aiki zai ce, “Wanne ya fi laik?” Wanda ya fi, shi za a amsa. Na Maman 'Yan Biyu kuwa laik biyu gare shi, ɗaya nawa ne. Sai na yi ta gangarawa ƙasa, yatsana har ya gaji, kafin in same ta.

A ƙarƙashin ta 8 ta rubuta, “Baba ina jira, saura kwana goma.” A ta 11, “Don Allah Baba.”

Na ajiye masa wayar a kan tebur. “Yaya, baiwar Allahn nan fa? Minti biyu ne aikinta.”

“Ban manta ba. Bari in gama da yaron nan, kin ga abin da ya ce jiya?”

“Wane yaro? Ka taɓa ganinsa? Wataƙila ko allura bai taɓa riƙewa ba, yana kwance yana juya ka kamar waina a...” Na haɗiye sauran, don yayana ne. “Kai da teloli ke layi a ƙofarka, wai kan zaki ne ya hana ka sukuni!”

“Auta, mutuncina ake taɓawa a gaban duniya.”

Haushi ya sa na rubuta mata da kaina cewa ƙarfen allura ne, ta sassauta sukuru. Ta tambaya wanne, kuma ta sauko da shi kamar yaya. Ban sani ba. Ni maɓalli nake sayarwa.

Bayan ta 13 na ce na rantse ba zan ƙara riƙe masa waya ba sai ya yi nata. Kwana biyu muna gaba, ina ganinsa yana jingina wayar da gwangwanin mai tana zamewa. A na uku ya ce, “To zo, uwar rigima.” Sai da na koma har Amsa ta 2 na tono kwament ɗinta. Ya cire murfin gaba, ya nuna sukurun da bakin sukudireba, ya sassauta, ya sauko da ƙarfen har ƙugiyar da ke ɗaukar zare ta riƙa wucewa dab da saman idon allura, ya ɗaure. Ya ninka kaki huɗu ya bi ta kai, ko tsallake ɗaya babu. Ban taɓa ganin ya yi bayani mai kyau irin na ranar ba. Mutum ɗari huɗu suka kalla, rabinsu suna tambayar ina Gwani.

Da la'asar amsarta ta shigo. Yana cikin goge hannu da tsumma na karanta masa, ban rage ko kalma ba.

“Na gode Baba, Allah ya saka. Makaranta sun karɓe yadinsu tun wancan satin sun ba wani. Keken ma na sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, na ɗauka ya mutu ne.”

Ya daɗe yana murza tsumman nan a hannunsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ko za mu yi mata amsa?”

Na ce, “Amsar me, Yaya? Da wane keken za ta gwada?”