Muryar Datti a Tashar Karshi

Baba Kure ya yi shekara ashirin a Garki yana fassara littattafan Ibrananci zuwa Hausa. Amininsa Malam Datti, malamin Larabci, shi yake duba masa aikin. Kure yakan ce Ibrananci na da hani biyu: "lo" na har abada, "al" na ɗan lokaci. Datti yakan ce "la" ta Larabci tana ɗaukar duka biyun, sai an duba zancen. Suka tsayar da "kul" ga mai tsanani, "kar" ga mai sauƙi.

Wata uku da rasuwar Datti, Kure ya je tasha da tsakar rana zai tafi gonarsa a Karshi. Yana kama ƙofar mota ya ji muryar Datti a kunnensa: "Kar ka shiga."

Ya waiga, ba kowa. Ya ce, "Ai 'kar' ka ce, Malam, ba 'kul' ba." Ya jira mota ta gaba.

Da ta zo zai shiga, muryar Datti ta ce: "Kul, Kure!"

Ya juya gida. Motocin duk sun isa lafiya, amma har ya mutu bai sake taka Karshi ba, gonar ta koma daji.