Ranar Da Wayar Yaya Ta Manta Da Makiyaya

Yayana maganin dabbobi yake sayarwa a kasuwar Birnin Gwari, da kanwa da gishirin lasa. Yawancin masu saye a wurinsa makiyaya ne, kuma duk a waya yake riƙe da su. Kowane mutum akwai lambarsa, akwai kuma ɗan rubutu a ƙarƙashi: yawan shanunsa, ranar da aka ba su maganin tsutsa, da watan da ya kamata a sake. Idan lokaci ya yi sai ya kira mutum ya tuna masa. Wannan kiran ne ya sa suke wuce shaguna uku su zo nasa.

Wata Laraba da hantsi na biya shagon, na tarar ya kifa wayar a kan buhun kanwa yana kallonta.

"Ta ce in sabunta, na danna," in ji shi. "Tana cikin yi caji ya ƙare. Yanzu tambarinta kawai take nunawa."

Muka kai ta wurin wani mai gyara a bakin tasha. Ya jona ta, ya danna nan ya danna can, sannan ya ce ba za ta tashi ba sai an yi mata filashin, kuma filashin zai share duk abin da ke ciki.

Ni abin ya ɗaure mini kai. Na tambaye shi yadda gyara zai zama sharewa. Ya ce sabuntawa ba ta saba cin kayan mutum ba, amma wannan ta yanke a tsakiya, tsohon tsarin ya rushe, sabon bai zauna ba. Kayan suna ciki a kulle, kuma wayar da za ta buɗe su ita ce ta kasa tashi.

Ya juya wajen Yaya. "Alhaji, kana da imel a kanta? In lambobin suna hawa can, za su dawo."

Yaya ya ce wanda ya sayar masa da wayar ya tambaye shi, shi kuma ya ce a bari, ba ya da wanda zai aika wa wasiƙa. A sim muka samu lambobi goma sha ɗaya, duk tsofaffi, har da ta kawunmu da ya rasu. Yaya ya ce a yi filashin ɗin.

Makonnin da suka biyo baya na riƙa zuwa shagon bayan na tashi daga makaranta, don ina son in ga abin da ya rage a kansa. Waya za ta yi ƙara, lamba ba suna. Sai ya ɗauka ya ja gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwa, har muryar ta faɗa masa ko wane ne. Bai cika kuskure ba. Na lura ya san muryoyi da shanu, har saniyar da ta yi ɓari bara, amma ranaku sun tafi gaba ɗaya.

Ranar kasuwa wani dattijo daga wajen Kutemeshi ya zo da fushinsa, ya ce an wuce lokacin magani ba a kira shi ba. Yaya ya faɗa masa gaskiya, cewa lambobi da ranakun duk sun goge. Dattijon ya karɓi wayar, ya jujjuya ta.

"To ina suka tafi?"

Yaya ya dube ni. Sai dattijon ya zauna a kan benci ya ce shi dai ya san an ba shanunsa magani kwana biyu bayan ƙaramar salla, ranar da aka yi ruwan farko. Ya kawo na ƙaninsa, da na surukinsa, da na wasu gidaje huɗu, kowanne da abin da ya faru a ranar. Na yagi takarda ina rubutawa. Lambobi kuwa bai haddace ko ɗaya ba, sai ya miƙo tasa ƙaramar wayar muka kwafa.

Haka aka riƙa haɗawa har damina ta yi nisa. Na buɗe wa Yaya imel, na kunna ajiyar lambobi da ta rubutu, muka duba a wayata muka ga sun hau. Ya sayi littafi mai kauri duk da haka.

Waɗanda ba su dawo ba su ne mutanen wajen Kakangi da suka tashi da shanunsu saboda 'yan bindiga. Ba sa zuwa kasuwarmu yanzu, kuma dama shi ne mai kiran su. Ya tuna gida tara. Ya rubuta su a shafi guda, ya bar wurin lamba fili, yana tambayar direbobin da ke bin hanyar Neja. Zuwa yanzu an samo masa biyu.