Ranar da Yaya ta gwada fassarata

Shekarata goma sha tara ina koyar da Hausa a sakandare a Gaya lokacin da wata tsohuwar ɗalibata ta kira ni. Ta karanta ilimin kwamfuta, tana aiki a Kano tare da wasu da ke haɗa manhajar waya don manoma. A ciki akwai darussan murya kan adana wake da gyaɗa, kuma mutum zai iya ɗaukar hoton amfanin gonarsa ya ajiye. Sun rubuta komai da Turanci, suna neman mai mayarwa Hausa.

"Malam, kai na fara tunawa," in ji ta.

Ban tsaya tambayar yawan aikin ba. Tun kafin mu yi sallama na fara jin kaina a cikin manyan masana.

Ta turo mini dogon jadawali. Kowane layi da guntun Turanci, da gurbin da zan sa Hausa, da adadin haruffan da maɓallin zai iya ɗauka. Ta gargaɗe ni kada in taɓa wasu alamomi, don a nan manhajar ke cusa sunan darasi da kanta. Na taɓa su tun ranar farko, ta gyara su.

Kalmomi uku muka yi jayayya a kansu: download, settings da cloud. Ita ta ce a rubuta su yadda ake faɗa a shagunan waya, dawunlod da saiti da kilawud. Na ce sam. Na yi mata laccar rabin awa a kan yadda muke zubar da mutuncin harshenmu, tana ta "haka ne, Malam" kamar tana aji biyu. Na farko na sa "Sauke". Na uku na sa "Girgije". Na tsakiyan ne ya ci mini kwana huɗu, ina buɗe ƙamus ina rufewa, har na ƙirƙiro "Madaidaita", wato wurin daidaita abubuwa. Da na rubuta ta sai da na tashi na zagaya tsakar gida. Matata ta tambaya ko lafiya, na ce mata ba za ta gane ba.

Ɗalibar ta ce sai an gwada manhajar a hannun waɗanda za su yi amfani da ita. Ni na ba da shawarar yayata da ke aure a Toranke. Ita ke shugabantar matan unguwarsu masu matsar man gyaɗa, ta iya karatun boko daidai gwargwado, kuma ba ta taɓa jin nauyin gaya mini gaskiya ba. Wannan na ƙarshen na manta da shi.

Muka isa bayan azahar, a farkon damina. Yaya ta shimfiɗa mana tabarma a rumfa, ta kira maƙwabciyarta, malamar Islamiyya. Kafin a fara ɗalibar ta kafa mini sharaɗi.

"Malam, don Allah komai ya faru kada ka yi magana. Idan sai an yi bayani, kalmar ba ta yi aiki ba ke nan."

Na amince da fara'a, don ban ga abin da zai buƙaci bayani ba.

Ta miƙa wa Yaya wayar. "Mama, ki sa darasin wake ya zauna a wayar, yadda za ki saurara ko babu sabis."

Yaya ta kai wayar nesa da ido, ta karanta, ta danna "Sauke". Na dubi ɗalibar, na gyara zaman hulata. Da ya gama sai rubutu ya fito: "An yi sauka." Malamar ta leƙo ta ce, "Masha Allah, wayar har ta yi sauka? Yaushe ne walimar?" Suka yi ta dariya. Ɗalibar ta rubuta wani abu a littafinta. Ban so ba, amma na san "An gama saukewa" ya kamata in sa.

Na biyu, aka ce ta ƙara girman rubutun. Yaya ta hau sama, ta dawo ƙasa. Sau uku yatsanta yana bi ta kan kalmata, wadda ke kusa da ɗan hoton ƙarfe mai haƙora, ba ta taɓa ta ba. Na yi tari. Ɗalibar ta kalle ni, na haɗiye sauran.

"Mama, wannan fa, me kike ganin yana yi?"

"Wannan? Ai na kiran adaidaita ne. Ga ma tayar nan an zana. A bar shi, zai yi amfani ranar kasuwa." Ta juyo gare ni. "Kai Auta, ina saitin abin yake? Ko kun manta ba ku sa ba?"

Na karya sharaɗin. Na yi bayanin yadda ake gina sunan wuri daga aikatau, na kawo misali da makaranta da majema. Yaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce keken ɗinkinta ma saiti ake yi masa tun ina rarrafe, ba ta taɓa sanin Turanci take yi ba.

Saura girgije. Aka ce ta adana hoton gyaɗarta yadda ba zai ɓata ba ko wayar ta faɗa ruwa. Ta ga "Ajiye a girgije", ta karanta da ƙarfi, ta ɗaga kai ta dubi gabas.

"Abin da iska ke korawa? Jiya ya haɗu baƙi ƙirin, ko ɗigo bai ba mu ba. Ni ba zan ba shi ajiya ba."

Ɗalibar ta yi murmushi ta ce, "Da an rubuta kilawud fa?"

"Shi kuma wane ne?"

Ba na alfahari da daɗin da na ji a lokacin, amma na ji shi.

Sai ɗalibar ta ajiye littafin ta yi bayani. Ta ce babu komai a sama. Wasu manyan kwamfutoci ne a wani gini mai nisa, ana aika kwafin hoton can ta intanet. Idan waya ta ɓata, sai a shiga da lambar mutum a wata wayar a dawo da shi.

"To ajiya ce a gidan wani," in ji Yaya. "Gidan wa? Yana iya buɗewa ya gani?"

Malamar ta ce ita ma abin da za ta tambaya ke nan, don akwai hotunan da mace ba za ta kai gidan da ba ta sani ba. Mako uku ni da ɗalibar muna gardamar aro da ƙirƙira, babu wanda ya lura cewa kalmata da tata duk ba su faɗa wa mutum cewa kayansa za su bar hannunsa ba.

A kan tabarmar muka gyara. "Sauke" ya zauna. "Saiti" ya shiga, ni na rubuta da hannuna Yaya tana kallo. Na uku ya zama "Ajiye kwafi a intanet", kuma ɗalibar ta ce za ta sa a ƙara layi a ƙasa da zai faɗi wanda ke riƙe da ajiyar da wanda zai iya gani. Yaya ta ce idan an sa a kawo mata ta karanta kafin ta danna. Ta ba ɗalibar kwalbar man gyaɗa, ni kuma ta ba ni saƙon gaisuwa ga iyali.

Da na koma Gaya na rubuta shafi biyu ina kare "Madaidaita", na ce a ajiye ta ko nan gaba mutane za su waye. Na tura wa ɗalibar. Washegari ta amsa da ladabi cewa ta gani, Allah ya ƙara basira, kuma akwai sabbin layuka arba'in da take so kafin Juma'a. Na buɗe jadawalin na fara.