Barau da Maganar Malami

Barau gardi ne daga Sule Tankarkar, mun haɗu a kwas ɗin horon malamai a Gumel cikin 1976. A wurinsa, sauya maganar malami rashin kunya ne.

Malaminmu, Malam Hussaini, ya ce mu taƙaita darasin zaizayar ƙasa a shafi ɗaya, mu riƙe muhimman kalmomi, amma kada a kwafi jimla. Wanda ya faɗi ba zai tafi koyarwar gwaji ba.

Barau ya cusa darasin duka da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Malam ya maido masa. Na ɓoye littafin Barau don kada ya sake kwafa, ashe ya haddace darasin.

Sai na ja shi wurin Inna Cindo mai fura, wadda ba ta jure dogon zance.

Ta ce masa, "Alaramma, mene ne zaizayar?"

Ya fara jawo hadda.

"Kai, nonona zai yi tsami! Faɗi kamar mutum."

"Ruwa da iska ke kwashe ƙasar sama. Dasa itatuwa da yin kunyar noma a gicciye ke tsare ta."

Na ce, "Rubuta haka, gardi!"

Ya rubuta haka, ya ci. Washegari ya je ya durƙusa gaban Malam, yana neman gafarar maganarsa da ya yanke.